Sebin yana da yawa amma ba a kaiwa ƙarshe, wane silaid ne yake korar mutane?

Assalamu alaikum Anti. Ina da shafi a Instagram da nake koyar da yadda ake kula da waya, yawanci fostin mai silaid goma nake yi. Na ƙarshe, kan abubuwa shida da ke cinye batir, ya kai ga mutum 4,000, sebin 240, shiyarin 20 kacal, tambayar da na yi a silaid na goma kuma mutum 3 ne suka amsa. Na ɗora silaid ɗin ɗaya bayan ɗaya a sitori, masu kallo suka zama 600, 480, 450, 430, 300, 285, 270, 260, 200, 190. Ina zargin silaid na biyar ne saboda na canza masa kala, har na yi niyyar goge shi. Kwana biyu nake yi a kan fostin ɗaya, gaskiya raina ya fara mutuwa. Ga hotunan silaid ɗin da na Insights na turo miki. Me zan gyara?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kar ki taɓa silaid na biyar, wallahi bai yi miki komai ba, maƙwabcinsa ne mai laifin.

Ki duba da kyau, lambar da ke jikin kowane silaid a sitori tana gaya miki mutum nawa ne suka iso gare shi, ba wai mutum nawa ne suka ji daɗinsa ba. Mutum 130 ɗin nan da suka ɓace tsakanin na huɗu da na biyar ai ko ganin kalar na biyar ɗin ba su yi ba, ta yaya abin da mutum bai gani ba zai kore shi? Suna kan na huɗu suka yanke shawarar tafiya. Kullum in kika ga lamba ta faɗi, ki koma baya da taki ɗaya, abin da ke gaban idon mutum lokacin da ya tafi shi ne abin tuhuma. Kuskuren nan kusan kowa yana yinsa a farko saboda ido yana sauka ne a kan ƙaramar lambar, sai a je a yi ta gyaran silaid mai lafiya a bar mara lafiyan yana nan zaune.

Yanzu yadda za ki karanta jerin naki. Kar ki dinga gwada kowane silaid da na farko, in kika yi haka duk na ƙarshe-ƙarshen za su yi kama da marasa kyau alhali kawai gādon asarar baya suka ci. Kowanne ki gwada shi da wanda ke biye da shi kai tsaye:

```
riƙon silaid = (masu kallon na gaba ÷ masu kallon wannan) × 100
```

Na yi miki lissafin da kalkuleta. Na ɗaya ya riƙe 80 cikin ɗari, wato 480 a kan 600. Na biyu 94, na uku 96, sai na huɗu ya faɗo 70. Na biyar, wanda kike son gogewa, 95 ya riƙe, kin ga kuwa yana cikin masu ƙoƙari. Na shida 95, na bakwai 96, na takwas 77, na tara 95. To in kika jera su haka sai hoton ya fito fili, fostin ɗinki yana tafiya lafiya lau a wajen 95, sai ramuka uku, na ɗaya da na huɗu da na takwas. Bambancin 94 da 96 kuma kar ki ɓata lokaci a kansa, a cikin mutum ɗari huɗu da wani abu wannan mutum takwas ne ko tara, wani kiransa aka yi a waya wani data ɗinsa ce ta ƙare. Ramin da ya fi na maƙwabtansa da maki goma sha biyar ko ashirin shi ake tsayawa a kai.

Na ɗaya ba zan daɗe a kansa ba. Bangon fostin kullum yana zubar da mutane don a nan ne wanda batun bai dame shi ba yake wucewa, kuma gara ya wuce ɗin. Ki dai riƙa rubuta wannan lambar duk sanda kika yi gwaji, ranar da kika ga ta sauko sosai ƙasa da yadda kika saba sai ki san take ko hoton bangon ne bai ja hankali ba.

Na huɗu shi ne inda jinin yake zuba, kuma da na buɗe hotonsa ban yi mamaki ba. Sauran silaid ɗinki kalma ashirin ne zuwa ashirin da biyar, jimla biyu, hoto ɗaya, mutum ya karanta da kallo guda ya ja gaba. Na huɗu kuwa na ƙirga kalma sama da saba'in, kin rage girman rubutun don ya shiga, kuma maimakon ki fara da abin da mutum zai yi, wato kar ya bar waya a rana ko ya yi ta buga gem tana caji, sai kika fara da bayanin yadda zafi yake lalata sinadaran cikin batir. Bayanin daidai ne fa, kuma na san shi ne ya fi cin lokacinki wajen bincike, shi ya sa ma kika kasa rage shi. Amma mai karatu ya saba da wani gudu tun daga silaid na biyu, yatsansa ya riga ya kama tafiyar, kwatsam sai ya ci karo da katanga. Wasu za su tsaya su karanta, da yawa kuma sai su ce bari sai anjima, anjimar nan kuwa ba ta cika zuwa ba.

Kuma ba hasashe nake ba, lambobin da ke ƙasan hotunan da kika turo sun nuna haka. A Insights na sitori akwai abu huɗu ƙarƙashin Navigation. Forward shi ne wanda ya danna ya je silaid ɗinki na gaba, Back wanda ya koma na baya, Next story wanda ya tsallake ki gaba ɗaya ya tafi sitorin wani shafin, Exited kuma wanda ya fita daga kallon sitori baki ɗaya. A silaid na huɗu Next story ɗinki 85 ne, Exited 40, alhali a na uku da na biyar duka biyun in an haɗa ba su wuce ashirin ba. Next story ɗin nan shi ya fi ba ni labari, saboda wanda ya fita gaba ɗaya zai iya yiwuwa wani uzuri ne ya taso masa, amma wanda ya tsallaka wurin wani yana da lokacin kallo, naki ne dai ya gaji da shi. Sannan ki duba Back na silaid na biyar, 45, sauran duk ba su kai goma ba. Ma'anarsa mutane sun tsinci kansu a na biyar kafin su gama karanta na huɗu, don hoto a sitori daƙiƙu kaɗan yake yi ya wuce da kansa, sai suka dawo baya su ƙarasa. Wannan ya gaya miki abu biyu a lokaci guda, rubutun ya yi yawa, amma kuma akwai masu son abin da ke ciki har suna komawa dominsa. Don haka ba goge shi za ki yi ba, raba shi za ki yi. Silaid ɗaya ya ɗauki umarnin da jimla guda ta dalili, na biye da shi ya ɗauki bayanin sinadaran a taƙaice da manyan haruffa, ko ma ki kai dogon bayanin cikin kafshan inda mai son zurfi zai same shi. Tun 2024 Instagram ya ƙara adadin silaid daga 10 zuwa 20, don haka wuri ba matsala ba ne.

Ki ga abin da wannan gyaran kaɗai zai iya jawowa. Da na huɗu ya riƙe 95 kamar 'yan uwansa, mutum wajen 408 ne za su isa na biyar maimakon 300, in sauran suka ci gaba yadda suke kuma wajen 350 ne za su ga silaid na takwas maimakon 260. Silaid ɗaya fa.

Na takwas labarinsa daban ne, kuma a nan ne lambar sebin take shigowa. A nan kika jera duka abubuwa shidan a hoto guda, taƙaitawa mai kyau sosai. Wanda ya zo nan ya samu abin da ya zo nema, a ransa fostin ya ƙare, shi ya sa yawancin waɗanda suka tafi daga nan Exited ne, 45, Next story kuma 15 kawai. Wannan tafiyar mai ƙoshi ce, ba irin ta na huɗu ba. Matsalar ita ce kin rufe ƙofa sannan kika ci gaba da magana, na tara bayanin kanki da shafinki, na goma kuma tambaya. Duk abin da kike so mutane su yi, amsa tambaya ne ko turawa wani, ki ɗora shi a jikin taƙaitawar da layi ɗaya a ƙasa, ki mayar da ita silaid na ƙarshe. Na tara ki cire shi, wanda yake son sanin ko wace ce ke zai danna sunanki, kuma za ki gan shi a Profile visits.

Amsa uku ɗin nan da suka sa ranki ya ɓaci, kar ki ɗauke su a matsayin mutum uku ne suka kai ƙarshe. Mafi yawan masu karatu ba sa rubuta kwament ko da sun karanta komai. Amfanin lambar kawai shi ne gwada fostin ɗinki da juna, in wancan ya samu amsa talatin wannan ya samu uku da yawan masu gani kusan ɗaya, to akwai abin dubawa.

Bari in yi miki bayanin sebin da shiyarin sosai don su ne suka fi ruɗar mutane. Dukkansu lambobi ne na fostin gaba ɗaya, maɓallin yana nan a ƙasa ko da wane silaid mutum yake kai, kuma Insights ba ya raba miki su silaid-silaid. Don haka su kaɗai ba za su taɓa nuna miki inda aka tsaya ba. Aikinsu shi ne su taimaka miki ki fassara ramin da kika riga kika gano. Kuma kar ki karanta su tsirara, ki raba su da Reach, wato adadin mutanen da fostin ya kai gare su. Naki sebin 240 a kan 4,000 shida ne cikin ɗari, shiyarin 20 a kan 4,000 kuma mutum ɗaya ne cikin ɗari biyu. Ko shida cikin ɗari yana da yawa ko kaɗan, fostin ɗinki goma na baya ne za su faɗa miki, ki lissafa nasu ki jera daga ƙarami zuwa babba ki ɗauki na tsakiya, wato tsakanin na biyar da na shida, ya zama ma'auninki. Na tsakiya nake cewa ba matsakaici na haɗa-a-raba ba, saboda fostin ɗaya da ya yi tashe zai iya jan lissafin sama ya sa ki ga kamar sauran duk sun gaza.

Sebin iri biyu ne kuma lambar ba ta bambance su. Akwai na wanda ya karanta har ƙarshe ya ce wannan zan buƙace shi nan gaba. Akwai kuma na wanda ya ga take mai kyau, ko ya iso wurin da rubutu ya yi masa yawa, ya danna sebin don ya sauke nauyin daga ransa ya wuce. Na biyun nan yana sa lamba ta yi kyau alhali guduwa aka yi, shi ya sa sebin mai yawa tare da rami mai zurfi a tsakiyar fostin abin a yi hattara ne da shi. A naki ina kyautata zaton duka biyun suna ciki, wasu a na huɗu suka ajiye, wasu a na takwas. Hanyar ganewa ita ce bayan kin gyara. In kika raba na huɗu sai sebin ya ɗan ragu amma amsoshi da shiyarin da masu bin shafi suka ƙaru, kar gabanki ya faɗi, masu ajiye-sai-anjima ne suka koma masu karantawa.

Shiyarin kuma yawanci wani silaid guda ne yake jawo shi, wanda mutum zai gani ya tuna da wani takamaimai, ya ce wannan ai wane ne, bari in tura masa. Fostin ɗinki duk yana magana ne da mai karatu shi kaɗai, babu inda ya kawo masa hoton wani, shi ya sa aka fi ajiyewa a kan turawa. Silaid ɗin zafi ɗin nan ma da ya fito a sarari shi ne ya fi dacewa da turawa, don kowa ya san wani mai buga gem waya na jikin caja. Kuma abin ya cancanci kulawa, shugaban Instagram Adam Mosseri ya sha faɗa cewa yawan turawa in an gwada da yawan waɗanda suka gani yana cikin manyan alamomin da suke dubawa, musamman wajen kai fostin ga waɗanda ba sa bin shafinki. In wani ya ɗora fostin ɗinki a sitorinsa ya yi miki tagin, ki lura da wane silaid ya ɗora, don wanda yake kai lokacin da ya danna shi ne yake fita. Ki dinga rubuta su, bayan wata biyu za ki ga irin silaid ɗin da mutanenki suke son nunawa wasu.

Yanzu iyakar wannan gwajin, don kar ki ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Dabarar ɗora silaid a sitori da kika yi tana da kyau, ita ce hanya mafi sauƙi ta samun lamba ga kowane silaid, amma sitori da fostin ba abu ɗaya ba ne. A sitori hoto yana wucewa da kansa ko mutum bai taɓa komai ba, a fostin kuwa sai ya sa yatsa ya ja, kowane ja shawara ce sabuwa. Sannan masu kallon sitori yawanci mabiyanki ne na kusa masu yi miki uzuri, su kuwa 4,000 ɗin can akwai baƙi a ciki da ba su san ki ba. Saboda haka kar ki ce tunda 260 cikin 600 sun kai na takwas a sitori to haka abin yake a fostin, mai yiwuwa can ya fi haka zubewa. Abin da za ki ɗauka daga sitori shi ne wurin ramin, girmansa kuma ki bar shi a matsayin kimantawa. Views ma kar ki raba shi da Reach ki ce kin samu adadin silaid da ake ja, yana ƙirga har da wanda ya sake ganin fostin ɗin, kuma Instagram kan sake nuna wa mutum fostin mai silaid da yawa daga silaid na biyu in bai ja ba a karon farko. Wannan ma dalili ne da zai sa ki gina na biyu yadda zai iya tsayawa da ƙafarsa kamar bango, wanda ya fara ganinsa ya gane batun ba sai ya koma baya ba. Akwai kuma wurin da Insights na fostin yake nuna silaid ɗin da mutane suke kai lokacin da suka danna laik, ki duba shi, in laik ya taru a na ɗaya zuwa na uku ya bushe daga nan har na takwas, to ya ƙara tabbatar da abin da sitori ya faɗa.

In za ki sake gwajin ki kiyaye abubuwa kaɗan da ke ɓata shi. Ki ɗora duka silaid ɗin a zama ɗaya, in kika sa na farko da safe na shida da dare to bambancin lokaci za ki auna. Kar ya zama akwai wani sitorin naki da ke raye a gabansu, don shi zai tace mutanen kafin su iso. Ki gyara girman hoton ya dace da tsayin sitori yadda rubutun ba zai ƙanƙance ba, ki kuma jira awa 24 ɗin su kusa cika kafin ki ɗauki lambobin. Ranar da masu kallon ba su kai ɗari ba kuwa kar ki yanke hukunci da gwaji ɗaya, mutum biyar kawai za su iya juya miki lissafi, ki haɗa gwaji uku ko huɗu ki ga ko ramin yana maimaita kansa a silaid iri ɗaya.

Abin da nake so ki yi a satin nan shi ne, ki bar fostin ɗin da ke kan shafinki yadda yake, yana ci gaba da tara sebin. Ki buɗe fayil ɗin aikin ki raba na huɗu gida biyu, shi kaɗai, kar ki taɓa na takwas da na tara tukuna, don in kika canza abu uku lokaci guda lambobi suka motsa ba za ki san wanne ya yi aikin ba. Ki jira kamar sati biyu don mutanenki su ɗan manta, ki ɗora a sitori a irin ranar da irin lokacin da kika yi na farko, ki sake lissafin riƙon. In sababbin silaid biyun kowanne ya haura 90, kin gano ciwon. In har yanzu ɗayansu yana wajen 70, to ba yawan rubutu ba ne kaɗai, bayanin sinadaran ne mutanenki ba sa so a tsakiyar hanya, sai ki kai shi kafshan gaba ɗaya. Bayan wannan sai zagaye na biyu, ki mayar da taƙaitawar ƙarshe da tambayar a jikinta, sannan ki fitar da shi a matsayin sabon fostin ki gwada sebin da shiyarin ɗinsa da ma'aunin nan na fostin goma. Ki turo min lambobin zagayen farko in sun fito, har da Back da Next story na kowane silaid, mu duba tare.